Rina gashin kanti: Dalilin da ya sa na mutum ke karɓar launi, na roba ke ƙi

Da zarar an kammala girbin gero da dawa da gyaɗa a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Minjibir da Bichi, sai hidimar bukukuwa ta kankama. A wannan lokaci ne masu tireda da 'yan koli ke ƙara yawan kayan kwalliyar da suke sarowa daga Kasuwar Sabon Gari da ke Kano zuwa kasuwannin mako na yankin. A cikin kayan akwai zaren ulu na kitso, akwai ƙullin gashin da aka fi sani da gashin doki, jefi-jefi kuma har da hular gashi. Kusa da su, a kan tebur guda, akan jera kwalayen dayis da ƙullin lalle. Ganin su tare ne ke sa mai saye ta ɗauka cewa wannan zai rina wancan. Sau da yawa ba ya rinawa. Kayan su lalace, kuɗi su tafi, wani lokaci ma wuyan wadda ta sa gashin ya yi ƙuraje, daga nan kuma a dawo wa ɗan kasuwa da rigima.

Kowa ya san matsayin ƙarin gashi a wannan yanki. Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito da ya tsine wa mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa, kuma malamai sun yi saɓani a kan zare da ulu, wasu suka sassauta, wasu suka hana. Wannan hukunci na malamai ne. Amma kayan suna kasuwa, kuma masu sayensu iri-iri ne: masu kitso, da ɗalibai da ma'aikatan da aiki ko karatu ya kawo garuruwa irin su Bichi da Dambatta daga sassan ƙasar nan, da mabiya wasu addinai, da masu shirya fim, da matan da jinya ta zubar musu da gashi. Duk wanda ke sayar da kayan, ko yake biyan kuɗinsu, yana da buƙatar sanin abin da rini zai yi musu.

Marinan Kano sun daɗe da sanin ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan al'amari. Wanda ya je Ƙofar Mata ya miƙa farin ƙyalle na auduga, baba zai kama shi. Idan ya miƙa yadin roba mai santsi, a tsoma shi sau goma, da an ɗauraye sai launin ya bi ruwa, ya bar ɗan dishi-dishi kawai. Rini ba ya duba kamannin abu, asalin zarensa yake bi. Gashin mutum da gashin roba suna iya yin kama har ido ya kasa rabewa, amma a wajen rini tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta auduga da leda.

Abin da ke cikin silin gashi

Silin gashin mutum an gina shi ne da wani sinadari mai suna keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙaho da gashin tumaki. Bayansa lulluɓe yake da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar ɓawon kifi, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyin launin da aka halicce shi da su. Rinin gashi na kwali, wanda ake haɗa ruwa biyu ko a dama gari da wani ruwa, yana aiki ne da wannan gini. Amoniya ko makamancinta tana kumbura silin ta ɗaga ɓawon. Ruwan haɗin, wato haidurojin faroksaid, yana shiga ya kashe wani kaso na launin asali. Tare da shi wasu ƙananan ƙwayoyi marasa launi suke kutsawa, sai su haɗu da juna a can ciki su zama manya masu launi, waɗanda ba za su iya fitowa ta ƙofar da suka shiga ba. Shi ya sa irin wannan rini ba ya fita da wanki.

Gashin roba ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zare ne da aka narka sinadarinsa a masana'anta aka tura ta ƙananan huji, ya fito dogo, kamar yadda taliya ke fitowa daga injin murzawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Kanekalon, wanda kamfanin Kaneka na ƙasar Japan ya fara yi a 1957 da wani nau'in roba mai suna modakirilik. Akwai wanda ake yi da irin robar da ake yin bututun ruwa, akwai na foliyesta, akwai na nailan. Masana'antun da ke Legas, masu fitar da sunaye irin su Darling da X-pression, zaren roba suke sarrafawa ya zama ƙullin da ake gani a kasuwa. A mafi yawan irin wannan zare, tun yana narke ake zuba masa launi, saboda haka launin ya zama ɓangaren jikinsa, kamar launin bokitin roba. Babu ɓawon da amoniya za ta ɗaga, babu launin halitta da faroksaid zai kashe.

Daga nan hukunci biyu suka fito, kuma su ne ginshiƙin sauran bayanin. Na farko, rinin gashi na kwali ba ya rina gashin roba. Na biyu, babu wani abu da zai mayar da baƙin gashin roba ya yi haske. Wanda ya zuba masa hodar bilicin don ya koma ruwan zuma, abin da zai samu shi ne zare mai kaushi da ya dushe, yana nan da baƙinsa.

A fara da ashana

Tunda komai ya rataya ne a kan asalin zaren, aikin farko shi ne tantance shi, kuma rubutun jikin leda ba hujja ba ne. Akwai kayan da ake gauraya gashin mutum da na roba, akwai kuma na roba zalla da aka yi wa suna mai daɗi. Hatta sunayen ƙasashe da ake laƙaba wa gashin mutum, a ce na Brazil ne ko na Peru, galibi sunayen kasuwa ne. Kaso mai yawa na gashin mutum da ke yawo a duniya daga Asiya yake fitowa, ciki har da wanda masu ibada ke askewa a wurin bautar Tirumala da ke jihar Andhra Pradesh ta Indiya, sannan a sarrafa shi a garuruwa irin su Xuchang na ƙasar Sin.

Gwajin bai wuce a yanko sili kamar goma ba, a riƙe da ɗan ƙarfe ko almakashi, a kusanta su da wutar ashana a waje, nesa da sauran kaya. Gashin mutum yana ƙonewa da ƙauri irin na babbakar kan rago, ya bar ɗan baƙin gawayi da ke murmushewa ya zama gari idan an murza. Na roba yana nannaɗewa ya guji wutar, ya narke, ya bar dunƙule mai tauri da ba ya murzuwa, warinsa kuma na ƙonannen leda ne ko wani wari mai hawa hanci. Modakirilik yakan mutu da kansa da an janye ashanar. Idan aka ga wasu silin sun zama toka wasu sun dunƙule, gauraye ne. Yana da kyau a ɗebo silin daga wurare biyu ko uku, domin mai gauraya kaya ba a saman da ido ke gani yake zuba robar ba.

Wannan gwaji yana warware wani ruɗani da ya shafi masu kitso a karkara kai tsaye. Abin da ake kira zaren ulu a kasuwa, har da wanda ake ce wa ulun Brazil, mafi yawansa ba daga jikin tunkiya ya fito ba, akirilik ne, ɗan'uwan modakirilik. Ulu na gaske keratin ne, lalle yana kama shi. Na kasuwa kuwa a jiƙa shi kwana guda a cikin lalle, da an wanke sai ya koma kusan yadda yake.

Dayis da lalle da baba a kan roba

Abin da ya fi faruwa a ƙauye shi ne a ɗauko abin da ke kusa, kuma abin da ya fi kusa shi ne dayis, wato baƙin rinin gashin nan da masu ƙunshi suka mayar abin zane a hannu da ƙafa. Idan aka shafa shi a gashin roba mai haske, da farko sai a ga kamar ya kama, domin zaren ya yi baƙi-baƙi. Ai kwanciya kawai ya yi a bayan zaren. Yana bushewa ya bar ƙura mai ɗanko, gumi ya taɓa shi ya sauko a wuya da bayan kunne, ya ɓata ɗankwali da mayafi da matashin kai.

Ɓata tufafi shi ne ƙaramar asarar. Yawancin irin wannan rini yana ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda likitocin fata suka daɗe da sanin yana haddasa borin jiki. A kan gashin mutum, ana barinsa ɗan lokaci a wanke, abin da ya shiga ciki ya riga ya sauya. A kan roba kuwa, musamman idan aka ƙi wankewa sosai don kada launin ya tafi, ragowarsa tana zaune a jikin zaren da za a kitsa a kan mutum na makonni. Alamar borin ita ce ƙaiƙayi da ja da kumburi, wani lokaci da ƙuraje masu ruwa, kuma ba lallai su bayyana nan take ba, sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Wadda jikinta ya taɓa yin bori da dayis a wajen ƙunshi ta fi kowa shiga haɗari, domin jiki ba ya mantawa da shi. Idan hakan ta faru, a tsefe kitson, a wanke wurin, a je asibiti. Idan fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, ba a jira wayewar gari ba.

Lalle ba shi da wannan haɗari idan tsantsarsa ne, amma ba ya aiki. Sinadarin da ke ba shi ja yana ɗaurewa ne da keratin, dalilin da ya sa yake kama fata da farce da gemu ke nan. Roba ba ta da abin da zai riƙe. Baba ma haka. Iyayenmu mata sun san shafa shuni a kitso, kuma sun san yana goguwa a jikin ɗankwali. A kan roba mai santsi ya fi saurin goguwa.

Sai kuma dabarun da ake gani a bidiyon waya, na tsoma gashi a tawadar alƙalami da aka narka a cikin sifirit, ko a fentin ruwa. Tawadar tana iya ba farin gashin roba launi na ɗan lokaci, kuma ga mai shirya wasan kwaikwayo da ke son hula ta yini guda, tana biyan buƙata. Amma a saman zaren take, tana fita da gumi da man kitso. Fenti kuwa yana sandarar da gashin ya riƙa ɓarɓashi. Wanda ya yi ƙoƙarin goge kuskurensa da ruwan cire jan farce ya ƙara dagula lamarin, domin asiton da ke cikinsa yana narkar da modakirilik, zaren ya yi danƙo ya manne da juna.

Akwai rinin da ke shiga roba da gaske, wanda aka yi domin yadin foliyesta. Shi ba ya ɗaurewa da zaren, narkewa yake a cikinsa, kuma sai zafi ya sassauta robar yake samun hanya. A masana'anta ana yin wannan a tukunyar matsi da zafin da ya kai digiri 130 a ma'aunin Salshiyas. A gida, iyakar abin da za a iya shi ne a riƙe ruwan dab da tafasa na rabin sa'a ko fiye. A nan matsalar take. Duk mai kitso ta san cewa ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya sauya siffar jelar kitso, da shi ake daidaita ta ko a lanƙwasa ta. Zaren da ke sauya siffa cikin daƙiƙoƙi, a yi tunanin abin da rabin sa'a a tukunya zai yi masa: lanƙwasar da aka saye shi dominta za ta miƙe, wani ya tsuke ya cukurkuɗe. Gashin foliyesta mai jure zafi, fari ko mai haske, miƙaƙƙe, shi ne kaɗai ke fita lafiya daga wannan aiki, shi ma zuwa launin da ya fi nasa duhu. Tukunyar da aka yi aikin da ita kuma ta bar girki ke nan.

A ganina, ga mai kitso a Makoɗa ko Kunchi, wannan wahala ba ta da riba. A ɗauka amarya na son kitso mai ruwan jan giya, abin da ke hannu kuma baƙi ne. Babu rinin da zai kai ta can. Hanyar ita ce a sayo zaren da aka yi shi da launin tun daga masana'anta. Lambobin da ke jikin leda suna nuna hakan: 1 baƙi ne wuluk, 1B baƙi ne mai sassauci irin na gashin yawancin mutanenmu, 2 da 4 ruwan ƙasa ne mai duhu, 27 ruwan zuma, 30 da 33 ja-ja ne mai ruwan ƙasa, 99J shi ne jan giya, 613 kuma fari-fari mai ɗan rawaya. Idan 99J ya yi wa amarya ƙarfi, sai a ɗauki ƙulli biyu na 1B da ɗaya na 99J, a shimfiɗa su kan juna, a riƙa ja ana ninkawa ana tajewa har silin su gauraye. Launin da zai fito ba ya zuba, ba ya ƙaiƙayi, kuma aikin bai kai minti ashirin ba. Ɗan kasuwar da ya gane wannan zai fi cin riba idan ya ajiye launi huɗu ko biyar, maimakon katan-katan na baƙi da kwalin dayis a gefe.

Gashin mutum: yana karɓa, amma ba kamar na kai ba

Samun ƙaurin babbaka a gwajin ashana ba ya nufin an tsira. Gashin da ke kan mutum yana samun maiƙo daga fatar kai, kuma idan rini ya ɓata shi wani zai tsiro. Wanda aka yanke ba shi da ko ɗaya. Bugu da ƙari, kafin ya iso Sabon Gari ya sha hannu. Mai araha, wanda aka tattaro daga tsefe-tsefe kansa da gindinsa a juye, akan jiƙa shi a ruwan asid don a cire ɓawon bayansa kada ya riƙa sarƙewa, sannan a rina shi, a lulluɓe shi da silikon don ya yi sheƙi. Silikon ɗin yana hana rini shiga daidai, rashin ɓawon kuma yana sa inda ya shiga ya shiga da yawa, ya kuma fita da wuri.

Mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. Wata ma'aikaciya ta sayi hular gashin mutum mai lamba 613, mai ɗauke da ƙulli uku, kowanne kimanin giram 100, tana son ta koma ruwan ƙasa mai duhu kamar lamba 4. Wannan shi ne aiki mafi sauƙi, domin daga haske ake tafiya zuwa duhu. Duk da haka a nan ake yawan yin kuskuren da ke ba mutane mamaki: a shafa rinin ruwan ƙasa kai tsaye, a wanke, sai gashin ya fito da wani launi mai kore-kore kamar ruwan kududdufi.

Dalilin yana cikin yadda aka samar da 613. Baƙin gashi idan ana kashe launinsa, ja yake fara komawa, sannan ruwan lemo, sannan rawaya. Kafin ya kai 613 an cire masa ja da ruwan lemon gaba ɗaya. Shi kuwa rinin ruwan ƙasa an haɗa shi ne da zaton akwai wannan ja a ƙasa, yawancinsa ma akwai ɗan shuɗi a cikinsa don ya danne jan. Shuɗi ya sauka kan rawaya, kore ke nan. Saboda haka sai an fara mayar wa gashin abin da aka cire masa.

Matakin farko shi ne wanki da shamfu, sau biyu, ba tare da man laushi ba, don a rage silikon, sannan a shanya a inuwa ya bushe. Idan ruwan rijiyar gidan irin wanda sabulu ba ya kumfa da shi ne, gara a nemi na leda ko na sama da aka tara, domin gishirin da ke cikinsa yana kwanciya a gashi ya dusar da launi. Ragar goshin hular, wadda galibi ta nailan ce, tana ɗaukar tabo kuma ba ya fita, don haka a shafe ta da basilin ta ciki kafin a fara. Sai a yanko ɗan tsagi daga ƙeya a yi masa duk abin da za a yi wa hular. Wanda ya tsallake wannan ya mayar da hular gaba ɗaya abin gwaji.

Mataki na biyu, a shafa rini mai ruwan jan ƙarfe ko ruwan lemo, wanda bai kai launin da ake nema duhu ba, a bar shi kamar minti ashirin, a ɗauraye, a busar. A wannan gaɓa gashin zai yi kama da karas, kuma haka ake so. Mataki na uku ne na ruwan ƙasan. Ruwan haɗi yana zuwa da lamba: 10 yana nufin faroksaid kashi 3 cikin 100, 20 kashi 6, 30 kashi 9, 40 kuma kashi 12. Tunda ba a neman kashe wani launi, mai lamba 10 ya wadatar. Wanda ya fi shi ƙarfi cin gashin kawai zai yi. A auna haɗin yadda takardar kwalin ta ce, a cikin kwanon roba, ba na ƙarfe ba, da safar hannu. A tanadi kamar bututu guda na giram 60 ga kowane ƙulli, domin ƙarancin rini ne ke kawo dabbare-dabbare. A raba gashin tsagi-tsagi, a shafa daga sama zuwa ƙasa. Gashin da aka yi wa bilicin yana shan launi da sauri, jelarsa ta fi saurin yin duhu, don haka a riƙa goge sili ana dubawa tun daga minti goma, kada a wuce lokacin da kwalin ya faɗa. A ɗauraye da ruwa mai sanyi har ya fita garau, gashin na rataye ruwan na bin tsawonsa, ba a cuɗa shi kamar wanki ba. A sa man laushi, a shanya a inuwa. Omo da sabulun wanki da duk abin da ke da kanwa suna buɗe silin su fitar da launin da aka sha wahalar sakawa.

Juya wannan tafiya, wato daga baƙi zuwa haske, shi ne inda ake asarar kuɗi mai yawa. Idan gashin bai taɓa ganin rini ba, hodar bilicin da ruwan haɗi mai lamba 20 ko 30 za su ɗaga shi sannu a hankali zuwa ja, zuwa ruwan lemo. Amma yawancin baƙin da ke kasuwa, musamman lamba 1, rinanne ne, wani ma da rinin yadi. Rini ba ya ɗaga rini, bilicin kuma yana cinsa ne ba daidai ba, wani wuri ja, wani wuri baƙi. Mai gaggawa sai ta ƙara ƙarfin haɗin zuwa 40, ko ta maimaita a rana guda. Hanyar gane an wuce gona da iri ita ce a ja jiƙaƙƙen sili: lafiyayye yana ɗan miƙewa ya dawo, wanda ya ƙone yana miƙewa kamar cingam ya tsinke. Idan ya kai nan babu man da zai gyara shi. Idan kuma aka ga wasu sili sun yi ja wasu suna nan baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, to waɗannan roba ce da aka cusa a ciki.

Lalle yana kama gashin mutum da kyau, kuma ga wadda ke gudun sinadarai hanya ce mai kyau, muddin ta san abin da za ta samu. A kan baƙi, ɗan ja ne kawai da ke bayyana a rana. A kan 613, ruwan lemo ne mai ƙarfi. Ana kwaɓa garin da ruwan tsamiya ko lemon tsami, a bar shi ya tsima na wasu sa'o'i, a shafa, a naɗe a leda na sa'a biyu zuwa huɗu. Wadda ta bi shi da garin ganyen baba za ta samu ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi. Sai dai hanya ce da ba a dawowa. Lalle ba ya fita, baba kuma idan bilicin ya hau kansa kore yake komawa. Akwai kuma lallen kwali da ake gauraya shi da gishirin ƙarfe don ya ƙara duhu; irin wannan idan ya haɗu da faroksaid yana iya ɗaukar zafi ya karya gashin. Duk gashin da ba a san tarihinsa ba, a gwada tsagi guda tukuna.

Saura marina. Tunanin kai hular gashin mutum wurin masu rinin shadda yana zuwa wa mutane, tunda su ne gwanayen launi a gari. Rinin shadda na zamani ana haɗa shi ne da soda mai ƙuna da hodar da marina ke kira haidiro, a ruwan zafi. Auduga tana jure wannan. Keratin ba ya jurewa. Sodar nan ita ce sinadarin da ke cikin man miƙar da gashi, inda ake sa kaɗan kuma a wanke cikin mintuna. A bahon marini ba a auna ta da gashi a zuciya ba. Gashin yakan fito ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ya riƙa tsinkewa a matsefi, idan ya daɗe ma ya fara narkewa. Ruwan bilic na wanki shi ma haka yake yi, har ana amfani da shi a matsayin gwaji: a jefa 'yan sili a ƙaramin kofi a bar su, na mutum zai narke, na roba zai kwana yadda aka saka shi.